Alat Biyu a Kan Oda Ɗaya: Riƙe Kuɗin Aka Yi, Ko Cire Su Aka Yi?



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, ƙanwata ta kira ni a waya, muryarta na rawa. Ta ce: "Yaya, an cuce ni. Keken ɗinki ɗaya na saya, an cire min kuɗin guda biyu." Na ce ta kwantar da hankali, ta faɗa min yadda abin ya faru tun daga farko.

Ta ce ta shiga wani kantin intanet ne ta zaɓi keken ɗinki na naira 84,500. Ta sa lambar katinta, banki ya turo mata lambar nan ta tabbatarwa da ake turowa a waya, ta shigar. Sai shafin ya tsaya yana ta juyawa, daga ƙarshe ya rubuta mata cewa biyan bai yi ba, ta sake gwadawa. Ta sake. Wannan karon ya wuce, kantin ya ba ta lambar oda. Ba a yi minti biyar ba sai ga alat biyu a jere, kowanne naira 84,500. Naira 200,000 take da su a asusun, kuɗin adashin da ta kwasa. Da ta buɗe manhajar banki sai ta ga naira 31,000.

Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan ya san yadda gaba ke faɗuwa, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Amma tambayar da na yi mata ita ce wadda nake so mu tsaya a kanta yau: shin kuɗin nan na biyu sun bar asusunta sun shiga hannun mai kanti, ko kuwa suna nan a banki an ɗaure su? Domin alat ba ya amsa wannan tambaya. Alat yana gaya maka cewa an taɓa katinka ne, ba ya gaya maka inda kuɗin suka kwana.

Bari in fara da yadda biya da kati yake tafiya, don daga nan ruɗanin yake tasowa. A yawancin sayayyar intanet da katin Visa ko Mastercard, ba a biyan kuɗi a taki ɗaya. Taki biyu ne. Na farko, kanti yana aika wa bankinka tambaya ta hannun kamfanin da ke karɓa masa kuɗi: wannan katin na gaskiya ne, kuma akwai naira kaza a bayansa? Idan banki ya amsa da e, to ya ɗauki alkawari ke nan, sai ya ware wannan adadin gefe guda don kada ka kashe shi kafin a zo karɓa. Wannan shi ne riƙo. Taki na biyu shi ne lokacin da kantin zai dawo ya ce to, a ba ni kuɗin da aka yi min alkawari. Wani kantin yana yin haka nan take, wani sai ƙarshen yini, wani kuma sai ranar da ya ɗora kayan a mota. Sai a wannan taki na biyu ne kuɗi suke fita da gaske.

Wanda ya san kara ya san wannan. Mutum ya zo ya taya rago, an daidaita, ya ce a ajiye masa zai je ya kawo kuɗi. Mai raguna zai ja ragon gefe ya ɗaure shi, ya shafa masa shaida a baya. Idan ka ƙirga garken, goma ne cif, babu wanda ya fita. Idan kuma ka tambayi nawa ne na sayarwa, zai ce maka tara. Mai saye ya dawo, rago ya tafi, garke ya koma tara. Bai dawo ba, a kwance igiya, na sayarwa su koma goma. Ba wanda ya dawo da rago daga ko'ina, domin dama bai je ko'ina ba.

To haka asusunka yake da ƙirge biyu, kuma da yawa daga cikinmu ɗaya kawai muke kallo. A manhajojin bankuna da dama za ka ga `Available Balance`, wato abin da za ka iya kashewa yanzu, shi ne taran nan. Sannan akwai `Ledger Balance`, wasu bankunan kuma su rubuta `Book Balance`, wato abin da littafin banki ya ce kana da shi, shi ne goman nan. Masu sauraronmu na Nijar da Kamaru da Chadi, a wajenku za ku iya ganin `solde disponible` da `solde comptable`, ma'anar duk ɗaya ce. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu, a mafi yawan lokuta, ita ce kuɗin da aka riƙe.

Sai na ce da ƙanwata ta karanta min lambobin biyu. Na kashewa, naira 31,000. Na littafi, naira 200,000. Na ce mata to a daren nan dai ko kwabo bai bar asusunki ba tukuna. An ɗaure 84,500 sau biyu, jimla 169,000, amma duka suna cikin garke. Na farko an ɗaure su ne lokacin da banki ya amsa da e, amma amsar ba ta isa ga kantin a kan lokaci ba, saboda sabis ya yanke a hanya. Kanti bai ji amsa ba, ya ɗauka biya bai yi ba, bai buɗe oda ba. Banki kuwa ya riga ya ɗauki alkawari. Na biyu shi ne wanda ya tafi lafiya har aka ba ta lambar oda.

Ta ce: "To Yaya, ta yaya zan tabbata ba za su zo su kwashe duka biyun ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiyar magana a daren farko ba wanda zai iya rantse miki. Abin da za a iya yi shi ne a sa ido a ga yadda lambobin za su motsa. Kwana biyu bayan haka ta sake dubawa. Na littafi ya sauko zuwa naira 115,500. Na kashewa yana nan a 31,000. Ku lura da wannan, masu sauraro, domin nan ne amsar take. Littafi ya ragu da 84,500 sau ɗaya tak, wato kanti ya zo ya karɓi kuɗin keke ɗaya. Tazarar da ta rage tsakanin lambobin biyu ita ma 84,500 ce cif, wato ɗayan yana nan a ɗaure, ba wanda ya zo nemansa. Da a ce an cire sau biyu da gaske, da lambobin biyu sun haɗu a ƙasa: na littafi 31,000, na kashewa 31,000, babu tazara, babu abin da aka riƙe, kuɗin duka sun fita.

Ran kwana na shida da safe ta buɗe manhaja ta ga na kashewa ya koma 115,500, daidai da na littafi. Kuma ga wani abu da nake so ku riƙe: ba ta samu alat na shigowar kuɗi ba. Mutane da yawa suna zama suna jiran wannan alat ɗin, har su je banki su yi faɗa a kan kuɗin da tuni suka dawo hannunsu. Idan riƙo ne aka saki, sau da yawa babu saƙon komai. Layin da ke ɗauke da kalmar `Pending` ɓacewa kawai yake yi, kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Shi ya sa nake ba da shawara, da zarar ka ga alat biyu, ka ɗauki hoton fuskar wayarka a lokacin, wanda zai nuna lambobin biyu da kwanan wata. Idan ba ka yi haka ba, bayan mako guda, ka sayi katin waya, ka tura wa gida cefane, ba za ka iya tuna nawa ya kamata ya rage ba.

Sai dai dole in faɗi wani abu da ke ɓata wannan lissafi mai sauƙi, musamman a nan Najeriya. Ba kowane banki ne ke nuna riƙo a matsayin riƙo ba, kuma ba kowane biya ne ke tafiya a taki biyu ba. Cirar kuɗi a ATM, da yawancin biyan da ake yi a na'urar POS da lambar sirri, da katunan cikin gida irin su Verve, sukan tafi ne da saƙo ɗaya, banki ya zare kuɗin daga asusunka nan take. Wasu manhajojin ma lamba ɗaya kawai suke nunawa. A irin wannan hali za ka ga layi biyu na cirewa, babu `Pending` a jikin ko ɗaya, amma duk da haka mai kanti sau ɗaya aka biya shi. Ɗayan ya fita daga asusunka, bai isa wurin kowa ba, ya maƙale a tsakani. Wannan shi ne abin da muke cewa "an cire amma bai tafi ba". Shi kuwa idan zai dawo, da layinsa yake dawowa, za ka ga `Reversal` ko `RVSL` a jikinsa, da adadi daidai da wanda aka cire.

Saboda haka abu uku ne suke kama da juna a waya: kuɗin da aka ɗaure, kuɗin da suka maƙale a hanya, da kuɗin da mai kanti ya karɓa sau biyu. Biyun farko sukan warware da kansu. Na ukun ba ya warwarewa sai ka tashi ka bi shi. Tambaya ɗaya ce ke raba su: sau nawa mai kanti ya karɓa?

Inda za ka fara neman amsa shi ne takardar bayanan asusu, wadda muke kira sitatimen. Ba jerin saƙonnin waya ba, ba ma jerin da ke fuskar farko ta manhaja ba, domin wannan jerin yakan cakuɗa wanda aka kammala da wanda ake jira. Sitatimen na ainihi, wanda za ka sa a turo maka ta imel ko ka karɓa a banki, abin da ya shiga littafi yake ɗauka. Idan adadin ya fito sau ɗaya, hankalinka ya kwanta. Idan ya fito sau biyu kuma babu layin mayarwa a ƙasa, sai a matsa zuwa lambobin shaida.

Kowane biya da kati yana da lambar da ke binsa. A rasit ɗin POS za ka ga `RRN`, mai gurbi 12. Za ka ga `STAN`, mai lamba 6. Za ka ga `Auth Code`, ita ce shaidar amincewar banki. Sannan akwai `Response Code`: idan `00` ne, banki ya amince, `51` yana nufin kuɗin asusu ba su kai ba, `91` kuma yana nufin an nemi bankinka ko hanyar zuwa gare shi ba a samu ba. Ba sai ka haddace su duka ba. Ka riƙe `RRN` kawai, domin sau da yawa tana fitowa a cikin bayanin alat ko a sitatimen, kuma ita ma'aikacin banki zai fara tambayarka.

Ga yadda ake karanta ta. Idan layuka biyun suna da lamba iri ɗaya, ɗaya yana `Pending` ɗaya kuma ya kammala, to biya ɗaya ne kake gani sau biyu: alkawarin da cikawarsa. Na farkon zai faɗi da kansa. Idan lambar iri ɗaya ce kuma duka biyun sun shiga sitatimen, wannan hujja ce mai ƙarfi a hannunka, an shigar da biya ɗaya sau biyu, kuma banki ba shi da abin musu. Idan kuwa lambobin sun bambanta, abin da hakan ya tabbatar shi ne an gwada sau biyu. Bai tabbatar an karɓa sau biyu ba. Na ga mutane suna rantsuwa a kan wannan, suna cewa ai ga lamba biyu daban, ke nan an cuce su. A'a. Na ƙanwata ma lamba biyu ne daban, kuma ɗaya ne kawai ya kai.

A nan ne za ka juya ga mai kanti. Kafin ka rubuta musu, ka fara duba jerin odarka a shafinsu. Idan ka ga lambar oda biyu, to magana ta canza: danna biyun da ka yi ya buɗe oda biyu, keke biyu ne ke hanya, kuma kanti bai yi kuskure ba. Maganinsa shi ne ka soke ɗaya tun kafin a ɗora ta a mota. Idan oda ɗaya ce, sai ka rubuta musu a taƙaice: ga lambar oda, ga adadi, ga rana da lokaci, ga lambobin shaida biyu, ga lambobi huɗu na ƙarshen katina, ku duba ku gaya min a rubuce, wanne kuka karɓa, wanne bai kai ba. Kantin da ke karɓar kuɗi ta irin su Paystack ko Flutterwave ko Interswitch yana da allon da ke nuna masa kowane gwaji da yadda ya ƙare. Dubawar ba ta cin minti biyar. Idan suka ce ɗaya ne ya shigo, ka roƙe su abu biyu: su aika saƙon soke alkawarin farko idan yana hannunsu, kuma su ba ka amsar a rubuce don ka kai banki.

Me ya sa sai an bi ta wurinsu? Saboda banki alkawari ya ɗauka. Ka je ka ce a sakar maka kuɗinka, ma'aikaciya za ta ce maka: "Malam, ka yi haƙuri, yana `Pending`, ba za mu iya shigar da ƙorafi a kansa ba sai ya kammala ko ya faɗi." Mutane suna jin haushin wannan amsa, suna ganin korar su ake yi. Ni ma ina ganin bankuna suna da laifin rashin bayani, domin jimla biyu za su ƙara mutum ya fita da natsuwa. Amma amsar kanta gaskiya ce. Ba a ƙarar kuɗin da ba a karɓa ba tukuna, kuma idan banki ya kwance igiya yau, gobe mai kanti ya zo da shaidar amincewa, dole a biya shi.

To har yaushe za a jira? Riƙo na sayayyar yau da kullum yakan faɗi cikin 'yan kwanaki, galibi bai cika wuce mako guda ba. Na otal da na hayar mota ya fi daɗewa, dokokin kamfanonin kati sun ba shi damar kaiwa wajen wata guda, domin su ba su san jimlar kuɗin ba sai baƙo ya tashi. Game da kuɗin da suka maƙale kuwa, a watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware matsalar biyan da bai tafi ba a POS ko a intanet cikin sa'o'i 72, na ATM ɗin wani banki kuma cikin sa'o'i 48. Don haka idan sitatimen ya nuna an cire, mai kanti kuma ya ce bai gani ba, kwana uku suka wuce shiru, kada ka ci gaba da zaman jira. Ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar bin diddigi. Ka riƙe wannan lamba da kyau, domin idan mako biyu suka cika banki bai warware ba, da ita za ka kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Jira yana da iyaka ta wani gefen ma. Idan cirewa biyu ce ta gaske, kamfanonin kati suna da wa'adin da za a iya janyo kuɗi daga mai kanti, kimanin wata uku zuwa huɗu, gwargwadon irin katin, kuma bankinka yana buƙatar lokacinsa a cikin wannan wa'adi. Wanda ya ce bari sai ya samu sarari, ya bar magana ta kwana wata biyar, yana iya zuwa ya tarar ƙofa ta rufe ko da yana da gaskiya.

Akwai wasu lokutan da adadin biyu ba su zo daidai ba, su ma suna ruɗa mutane. Kanti ya riƙe 84,500, daga baya aka ƙara kuɗin kawowa, ya sake neman amincewa a kan 87,000. Za ka ga duka biyun na ɗan lokaci, ƙaramin zai faɗi. Ko ka sayi kaya uku a oda ɗaya, aka turo su a rarrabe, aka caje kowanne ranar da ya tashi, kamar yadda Amazon ke yi. Ka tara ƙananan, idan sun ba da jimlar odarka, babu abin da ya ɓace. Idan kuma da dala ka saya, kada ka yi mamaki idan abin da aka riƙe da abin da aka cire sun ɗan saɓa a naira, canji ne ya motsa tsakanin ranakun biyu.

Kalma ɗaya a kan 'yan damfara, domin wannan ne lokacin da suka fi so. Mutum ya rubuta kukansa a shafin sada zumunta, kafin minti goma wani ya ɓullo da tambarin banki, ya ce zai mayar masa da kuɗinsa yanzu yanzu, in dai ya turo lambar kati da lambar sirri da lambar da za a turo masa a waya. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya tambaye ka su, ragowar 31,000 ɗin yake nema.

Yanzu bari in ba ku labarin wanda ya kasance cirewa biyu ta gaske, don ku ji yadda take bambanta, wannan kuma da ni ya faru. Na je wani shagon kayan abinci na sayi buhun shinkafa, naira 62,000. Yaron shago ya sa katina a na'ura, na danna lambar sirri, na'ura ta yi ƙara amma takarda ba ta fito ba. Ya ce: "Baba, bai yi ba, a sake." Ashe takardar ce ta ƙare. Ya sa sabuwa, muka sake, rasit ya fito da `Approved`. Ina cikin adaidaita sahu alat biyu suka shigo, tsakaninsu minti biyu.

Na yi abin da na gaya wa ƙanwata. Na duba lambobin biyu na asusu, sai na ga babu tazara, duka sun sauko da 124,000. Ban yanke hukunci ba, domin na san biyan POS yakan fita nan take ko da bai kai ba. Na jira kwana uku, babu layin mayarwa. Na je banki na shigar da ƙorafi, aka ba ni lambar bin diddigi, na kuma sa aka buga min sitatimen. Layi biyu, adadi ɗaya, sunan shago ɗaya, `RRN` biyu daban. Har zuwa nan abin da na sani shi ne an gwada sau biyu kuma kuɗin ba sa wurina. Ban san ko suna wurin mai shago ba.

Sai na koma shagon da yamma, lokacin da mai shagon kansa yake zaune. Muka gaisa, na ajiye takardar a gabansa na ce: "Alhaji, ba rigima ta kawo ni ba. Ina roƙon a duba tarihin na'urar nan na ranar Talata, wajen ƙarfe huɗu." Ya sa yaron ya ɗauko ta. Kowace na'urar POS tana ajiye jerin abin da ya bi ta cikinta, kuma ana iya sake buga rasit ɗin baya. Yaro ya gangara har ranar, sai ga su nan a jere, 62,000 da 62,000, dukansu `Approved`, dukansu `00`. Aka sake buga na farkon, wanda takarda ta hana shi fitowa, na ɗora lambarsa kusa da ta sitatimen, suka yi daidai gurbi da gurbi. Alhaji ya buɗe nasa asusun ya ga duka biyun sun shigo masa. Ya yi salati, ya ce: "Wallahi Malam ban lura ba, ranar kasuwa ta cika. Ka yafe mu." Nan take ya turo min 62,000, ya kuma juya ga yaron ya ce daga yau idan takarda ba ta fito ba, a fara duba tarihi kafin a ce wa mutum ya sake sa kati.

Da a ce tarihin ya nuna na farkon `Declined` ne, da na ɗauki wannan rasit ɗin na kai banki, domin a lokacin ba Alhaji ke riƙe da kuɗina ba, suna tsakanin bankuna. Haka kuma wanda na'ura ta ƙi katinsa ya biya ta tiransifa ko da tsabar kuɗi, daga baya ya ga an cire a katin, ya ajiye shaidar biyan na biyun tare da rasit ɗin da ya ƙi, su biyun za a tambaye shi.

Washegari da safe na koma banki da lambar bin diddigin da aka ba ni, na ce a rufe ƙorafin, mai shago ya biya ni hannu da hannu. Ma'aikacin ya duba ya ce ƙorafin bai kai ga bankin shagon ba tukuna, da ya kai, da an sake zare 62,000 daga asusun Alhaji an turo min. Ya miƙo min takarda na sa hannu, ya buga mata hatimi, ya rufe.